Sauƙin Wata, Nauyin Shekaru: Abin da Dogon Wa'adin Bashi Yake Ci

Duk wanda ya taɓa zama gaban ma'aikacin banki yana neman rance ya san tambayar da ake fara yi masa bayan gaisuwa: "Ranka ya daɗe, nawa za ka iya biya a wata?" Tambaya ce mai daɗin ji, domin tana nuna kamar an damu da halin da kake ciki. Idan ka faɗi adadi, sai ya danna na'ura, ya juyo maka da fuskarta, ya ce, "Ai da sauƙi. In muka kai shi shekara biyar, ga abin da za a riƙa cirewa. In ma ya yi maka nauyi, sai mu ƙara wa'adin." Kai kuma ka ga adadin ya sauko, numfashinka ya dawo, ka miƙa hannu a ba ka biro.

Ma'aikacin bai yi maka ƙarya ba. Tsawaita wa'adi yana rage abin da ake biya duk wata, wannan gaskiya ne. Abin da ba a cika juyo maka da shi ba shi ne layin ƙarshe na takardar, inda aka tara duk abin da za ka biya daga watan farko zuwa na ƙarshe. A wannan layin ne ake ganin farashin sauƙin da aka ba ka, kuma sau da yawa farashin ya fi ƙarfin sauƙin nesa ba kusa ba.

Na san da yawa daga masu karatu za su ce su ba ruwansu da bashin ruwa, saboda hukuncin riba a addini. Za mu zo kan bankunan da ba sa karɓar ruwa, kuma za a ga cewa maganar wa'adi ta shafe su su ma, ta wata fuska. Amma sai mun fara da lissafin bashin ruwa tukuna, domin a cikinsa ne abin ya fi fitowa fili.

Ruwa haya ce

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar kuɗin ruwa ita ce a ɗauke shi a matsayin kuɗin haya. Wanda ya kama shago a Kantin Kwari yana biyan haya gwargwadon girman shagon da kuma tsawon zamansa a ciki. Haka banki yake kallon kuɗinsa: muddin suna hannunka, haya tana hawa, gwargwadon yawan abin da ya rage a hannunka da kuma yawan watannin da ya yi. Don haka abin da ake cire maka duk wata kashi biyu ne a dunƙule. Kashi na farko hayar watan ce, wato ruwa. Abin da ya saura bayan an cire hayar, shi ne kawai yake taɓa uwar kuɗi. Banki kuwa hayarsa yake fara ɗauka.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani ma'aikaci, albashinsa Naira 450,000 a wata, yana son rancen Naira miliyan 5 don ya sayi mota. Banki ya ce ruwansa kashi 24 cikin ɗari ne a shekara, a kan abin da ya rage na bashin. Kashi 24 a shekara, kashi 2 ke nan a wata. Kashi 2 cikin ɗari na miliyan 5 kuwa Naira 100,000 ne. A riƙe wannan adadi da kyau, domin shi ne ginshiƙin duk maganar: a watan farko, ko wa'adin shekara biyu aka zaɓa, ko na goma, ko na ashirin, hayar kuɗin Naira 100,000 ce, ba ragi.

Idan mutumin nan ya zaɓi shekara biyu, za a riƙa cire masa kimanin Naira 264,400 a wata. A watan farko 100,000 ta tafi ruwa, 164,400 ta sauka a kan uwar kuɗi. Wata na biyu bashin ya ragu sosai, hayarsa ma ta ragu, sai abin da ke zuwa uwar kuɗi ya ƙaru. Haka abin zai yi ta gangarowa da sauri, kuma a ƙarshen wata 24 duk ruwan da ya biya bai wuce Naira miliyan 1 da dubu 345 ba.

Idan kuma ya zaɓi shekara biyar, abin cirewa zai sauko zuwa Naira 143,840. Sauƙi ne babba, kusan rabi. Amma a duba watan farko: 100,000 ta ruwa tana nan daram, abin da ya isa uwar kuɗi 43,840 ne kacal. Bashin yana raguwa a hankali, saboda haka hayar da ke kansa ma a hankali take raguwa. Ranar da ya gama, ya biya Naira miliyan 8 da dubu 630, wato ruwa kaɗai miliyan 3 da dubu 630.

To, a ce ma'aikacin banki ya ga fuskarsa ba ta saki ba, ya ce a kai shi shekara goma. Abin cirewa ya zama Naira 110,240. A watan farko, cikin wannan kuɗi, Naira 10,240 ce kawai ta rage bashi. Sauran duk haya. Jimillar abin da zai biya a wata 120 ta haura Naira miliyan 13 da dubu 200. Ya ranci miliyan 5, ruwa ya ci fiye da miliyan 8.

Ƙasan da ba a wuce shi

A nan ne nake son mai karatu ya ɗan tsaya, domin akwai abin da yawancin masu cin bashi ba sa lura da shi. Mutum yakan ɗauka cewa in aka ninka wa'adi, abin biya zai rabu biyu. Da babu ruwa, da haka ne. Amma da ruwa, abin biya yana da ƙasan da ba ya wucewa, kuma a misalinmu ƙasan nan ita ce waccan Naira 100,000 ta hayar wata. Duk yadda aka ja wa'adi, abin cirewa zai yi ta matsowa kusa da 100,000 ne, ba zai taɓa saukowa ƙasa da ita ba. Ko shekara ashirin aka ba mutumin nan, abin da zai biya a wata Naira 100,870 ne, jimilla kuma ta haura miliyan 24.

Abin da wannan ke nufi shi ne, shekarun farko da ake ƙarawa suna sayo sauƙi na gaske, amma na baya kusan banza suke sayowa, da tsada mai tsanani. Daga shekara biyu zuwa uku, abin cirewa ya sauko daga 264,400 zuwa 196,200. An sami sauƙin kusan 68,000 duk wata, a kan ƙarin ruwa na kimanin 717,000. Mutum zai iya cewa wannan ciniki ne da ake iya yi. Amma daga shekara bakwai zuwa goma, sauƙin da aka samu a wata 13,000 ne da 'yan kai, kuɗin da ba zai cika tankin motar ba, ƙarin ruwan kuma ya kusa miliyan 2 da dubu 900. Wannan ba ciniki ba ne, asara ce da aka yi wa ado.

Ga wata hanyar kallon bambancin shekara biyar da goma. Wanda ya zaɓi goma yana samun rarar Naira 33,600 a aljihunsa kowane wata, idan aka kwatanta shi da abokinsa da ya zaɓi biyar. A cikin shekara biyar, wannan rara ta taru ta zama kimanin miliyan 2. Sai abokin ya gama, ya wanke hannunsa, albashinsa ya dawo masa cif. Shi kuwa yana da sauran wata 60, kowane wata 110,240, jimilla miliyan 6 da dubu 600. Ya ci miliyan 2 a gutsure, zai mayar da fiye da ninki uku. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A hanyar banki kuwa, daɗewar ma kuɗi ake biya a kanta.

Inda abin ya fi yi wa mutane ciwo shi ne ranar da suka je tambayar sauran bashinsu. Mai bashin shekara goma, bayan shekara uku cur yana biya ba fashi, ya zuba wa banki kusan Naira miliyan 4. A zuciyarsa ya kusa gamawa. Sai a buga masa takarda ya ga saura Naira miliyan 4 da dubu 467. Cikin duk abin da ya biya, dubu 530 da ɗoriya ne ya rage uwar kuɗi. A nan ake jin "an cuce ni", ana daga murya, ana kiran manaja. Alhali ba a ƙara masa ko sisi a kan yarjejeniya ba. Haka lissafin yake tun ranar da ya sa hannu, kuma ba zai kai rabin uwar kuɗin ba sai ya shekara bakwai da rabi yana biya.

Me ya sa banki yake son ja?

Ba sai an zargi kowa da mugunta ba. Akwai dalili na ƙa'ida. Bankuna a Nijeriya sukan tsaya a kan cewa abin da za a cire wa ma'aikaci na bashi kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinsa. Mutumin namu mai 450,000, iyakarsa ke nan 150,000 a wata. Shekara biyu ta fi ƙarfinsa, shekara uku ma mai 196,200 ta fi ƙarfinsa. Idan lallai miliyan 5 yake so, dole a ja wa'adin har abin cirewa ya shiga ƙarƙashin 150,000, shi ya sa aka kai shi shekara biyar. Ma'aikacin banki yana da adadin rancen da ake so ya fitar, kai kana son mota, wa'adi kuma shi ne igiyar da ta fi sauƙin ja don kowa ya sami biyan buƙata.

Amma akwai wata igiyar da ba a cika taɓawa ba, ita ce girman bashin. Da mutumin nan ya juya tambayar, ya ce, "Da 150,000 a wata, nawa zan iya ranta in gama a shekara uku?" amsar ita ce kimanin Naira miliyan 3 da dubu 820, ruwanta kuma miliyan 1 da dubu 580. Ko dai ya nemi motar da ba ta kai waccan tsada ba, ko ya yi haƙuri ya tara cikon ta adashi ko ajiya kafin ya je banki. Bambancin ruwa tsakanin wannan da bashin shekara biyar ya haura miliyan 2, ga kuma shekara biyu na 'yanci. A ganina, duk lokacin da aka ce sai an kai wa'adi can nesa kafin bashi ya shiga albashinka, abin da ake gaya maka a fakaice shi ne bashin ya fi ƙarfinka. Dogon wa'adi ba ya rage girman kaya, ɗaukarsa kawai yake tsawaitawa.

Sai kuma a duba abin da aka saya. Mota, musamman ta hannu, tana tsufa, kuma shekara biyar a kan titunanmu ba wasa ba ce. A farkon bashi mai dogon wa'adi, uwar kuɗi ba ta motsi sosai, motar kuwa tana ta cin duniya. In ta yi hatsari, ko injin ya buga, ko buƙata ta taso aka sayar da ita, mutum zai iya samun kansa yana biyan bashin abin da ba ya hannunsa. Ƙa'idar da na fi yarda da ita mai sauƙi ce: kada wa'adin bashi ya wuce ƙarkon abin da aka saya da shi. Gida yana iya ɗaukar shekara ashirin. Kayan ɗaki, waya, hidimar biki ko ta suna, waɗannan ko shekara biyu ta yi musu yawa.

Kashi biyu ɗin, a kan me?

Duk lissafin da muka yi a sama an yi shi ne a kan ruwan da ke hawa kan abin da ya rage na bashi. Akwai wani salon da wasu ƙananan bankuna da kamfanonin ba da rance suke amfani da shi, inda ake lissafa ruwa a kan uwar kuɗi ta asali tun daga farko har ƙarshe, kamar ba ka taɓa biyan komai ba. Su ma "kashi 2 a wata" za su ce maka, kalma ɗaya, amma abin da ke ƙarƙashinta daban ne. A wannan salo, miliyan 5 tana jawo 100,000 kowane wata har wata 60, ruwa ya zama miliyan 6 cif, maimakon miliyan 3 da dubu 630. Abin cirewa kuma 183,300 ne, ba 143,840 ba. Tsawaita wa'adi a irin wannan bashi ya fi muni, domin kowane wata da aka ƙara cikakkiyar haya yake ƙarawa, ko da saura kaɗan ka gama.

Gane shi ba wuya. Ka ninka abin cirewa da yawan watanni, ka cire uwar kuɗi, abin da ya saura shi ne ruwa tare da duk wani caji da aka cusa a ciki. Wanda yake da manhajar lissafi ta Excel ko Google Sheets a waya ko kwamfuta zai iya gwada adadin da aka ba shi da wannan layi:

```
=PMT(24%/12,60,-5000000)
```

Na farko ruwan shekara ne an raba shi gida 12, na biyu yawan watanni, na uku uwar kuɗi. Zai ba ka 143,840 ko abin da ya yi kusa da haka ƙwarai. In abin da aka rubuta maka a takarda ya ɗara wannan da yawa, to ko dai ɗaya salon aka yi maka, ko akwai caji da inshora da ba a bayyana maka ba. Ka canza 60 zuwa 36 ko 120, za ka ga duk abin da muka faɗa da idonka.

Akwai kuma wani sharaɗi da yake ɓoye a yawancin takardun rancen bankunan kasuwanci, cewa banki yana da ikon sauya ruwa idan yanayin kasuwar kuɗi ya sauya. Wannan ba maganar fatar baki ba ce. A farkon 2022, ma'aunin ruwa na Babban Bankin Nijeriya kashi 11.5 ne cikin ɗari. Zuwa Nuwamban 2024 ya kai kashi 27.5. Duk wanda yake tsakiyar dogon bashi mai ruwa mai sauyawa a wannan tsakani ya ji a jikinsa. Kuma dogon bashi ya fi gajere jin zafin ƙari, domin yawancin abin da ake biya a cikinsa ruwa ne. Da ruwan misalinmu zai tashi daga 24 zuwa 30 tun da farko, mai shekara biyu zai ga ƙarin kusan kashi 6 cikin ɗari a abin da yake biya, mai shekara goma kuwa kusan kashi 20, daga 110,240 zuwa 131,800. Sauƙin da ya sa ya zaɓi dogon wa'adin ya ragu, shekarun kuma suna nan.

Inda dogon wa'adi yake da hujja

Ba adalci ba ne a ce dogon wa'adi kullum kuskure ne. Misalin da ya fi dacewa shi ne rancen gida na Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ma'aikata suke zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsu a ciki, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yake kula da shi. Ruwan wannan rance kashi 6 ne cikin ɗari a shekara, wa'adinsa yana iya kaiwa shekara 30, gwargwadon shekarun da suka rage wa mai nema.

Ko a nan lissafin bai canza hali ba. Naira miliyan 10 a shekara 15, abin biya 84,400 ne a wata, ruwa gaba ɗaya miliyan 5 da dubu 190. A shekara 30, abin biya 59,950, ruwa miliyan 11 da dubu 580, wato mutum ya biya kuɗin gidan fiye da sau biyu. Amma abubuwa biyu sun bambanta. Na farko, da yake ruwan ƙarami ne, ƙasan nan da muka yi magana a kai tana can ƙasa, 50,000 a wata, saboda haka ƙarin shekaru yana sayo sauƙi mai ma'ana ga mai ƙaramin albashi, wanda in ba haka ba, ba zai taɓa mallakar gida ba, haya zai yi ta biya har ya tsufa.

Na biyu shi ne hauhawar farashi. Naira 59,950 ta yau da ta shekara ashirin masu zuwa suna ɗaya ne kawai. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya Naira 18,000 ne a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024. A Disamban 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wanda ya ɗaure bashinsa a kan kashi 6 da ba ya sauyawa, a ƙasar da farashi yake gudu haka, nauyin bashin narkewa yake yi shekara bayan shekara, gidan kuma yana ƙara daraja. A irin wannan hali gaggawar biya ba lallai ta zama dabara ba.

Sai dai a yi hattara da wannan hujja, domin ana yawan ara ta a yafa inda ba ta dace ba. Hauhawar farashi tana rage nauyin bashi ne kawai ga wanda abin da yake samu yake hawa tare da ita. Ɗan kasuwan da yake ƙara farashin kayansa zai iya cin wannan moriya. Ma'aikacin da albashinsa ya shekara biyar a wuri ɗaya, shi hauhawar farashi matse shi take yi ta fuska biyu, ga cefane ya yi tsada, ga banki yana cire nasa tun kafin kuɗin su iso hannu. Kuma abin da ya yi daidai a kashi 6 marar sauyawa ba ya yin daidai a kashi 24 ko 30 mai sauyawa. Sannan akwai ritaya: ma'aikacin gwamnati yakan ajiye aiki a shekara 60 na haihuwa ko 35 na aiki, kuma bashin da ya tsallaka wannan rana daga fansho ko garatuti za a biya shi.

Bankin da ba ruwa fa?

Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu irinsa kuma suka biyo baya, mutane da yawa a Arewa sun koma sayen mota da kayan gini ta hanyar murabaha. A wannan ciniki banki ne yake sayen kayan, sannan ya sayar maka da su a kan farashin da ya ƙunshi ribar da aka bayyana, ka biya kaɗan-kaɗan. Ba rance ba ne mai ruwa, ciniki ne na ajali, kuma jumhurun malamai sun halatta farashin ajali ya ɗara na kuɗi hannu, muddin an tsayar da farashi ɗaya lokacin ƙulla ciniki. Duk ɗan kasuwa ma ya san wannan: kuɗin babur ko A Daidaita Sahu na kuɗi hannu daban, na biya a hankali daban.

To amma ribar da bankin zai ɗora, da tsawon ajali ake auna ta. Motar da za a sayar maka a kan biyan shekara biyu ba farashinta ɗaya da wadda za a biya a shekara huɗu ba. Don haka tambayar tana nan: in na ƙara shekara, nawa abin biyan wata zai ragu, nawa kuma jimillar farashi za ta ƙaru? Murabaha tana da fa'ida babba a kan dogon bashin ruwa, domin da zarar an ƙulla, farashin ya tsaya, ko Babban Banki ya ɗaga ma'auninsa ko ya sauke. Amma wannan tsayuwar tana da ɗaya gefen. Tun da duk farashin ya zama bashi a kanka tun ranar farko, in ka sami kuɗi ka biya da wuri, rangwamen da za a yi maka yakan zama abin da banki ya ga dama ne, ba sharaɗin da za ka kama shi da shi ba. Wanda ya zaɓi dogon ajali da niyyar "ai zan biya kafin lokaci" ya kamata ya tambayi yadda bankin yake yi a irin wannan hali tun kafin ya sa hannu.

Dabarar tsakiya

Gajeren wa'adi ma yana da nasa haɗarin, kuma ba ƙarami ba ne. Wanda ya ɗaure kansa da biyan da ya cinye rabin abin da yake samu, rashin lafiya ɗaya ko jinkirin albashi na wata biyu ya isa ya jefa shi cikin tara, ko ya tura shi cin wani bashin mai tsada a manhajojin waya don ya toshe na farko. Gaba kura ke nan, baya sayaki. Ruwan da aka yi tattali a takarda sai ya zube ta wata kafa.

Shi ya sa, a bashin da ruwansa ke hawa kan abin da ya rage, akwai hanyar da take haɗa amfanin biyun: a karɓi wa'adin da abin cirewarsa ba zai shaƙe mutum ba ko a mugun wata, sannan a riƙa ƙara wani abu a kai duk lokacin da hali ya yi. Duk Nairar da aka ƙara kai tsaye take sauka kan uwar kuɗi, ta kashe hayar da za ta haifa a duk sauran watanni. Mutumin namu mai shekara biyar, in ya ƙara Naira 20,000 kawai duk wata a kan 143,840, zai gama a wata 48 maimakon 60, ruwan da zai biya kuma zai ragu da kimanin 830,000. Ƙarin da aka yi a shekarar farko ya fi na shekarar ƙarshe amfani sosai, don haka kuɗin ariyas ko ribar kaka da suka zo da wuri, nan ne wurinsu.

Dabarar tana da sharuɗɗa, kuma a bakin teburin banki ake tabbatar da su, ba bayan an dawo gida ba. Wasu bankuna suna cin tara idan aka biya kafin lokaci. Wasu kuma in ka zuba ƙari, sai su bar shi a asusunka yana jiran cirewar wata mai zuwa, bai taɓa uwar kuɗi ba, sai ka rubuta musu takarda ka nema. A bashin da ake lissafa ruwansa kan uwar kuɗi ta asali kuwa, biya da wuri ba lallai ya rage komai ba. Sharaɗi na ƙarshe kuma naka ne: mutane da yawa sukan ɗauki dogon wa'adi da alkawarin ƙarawa, sai wata ya zo da hidimarsa, alkawarin ya bi ruwa. Wanda ya san halinsa, gara ya sa banki ya riƙa cire ƙarin da kansa ranar da albashi ya shiga.

Saboda haka, ranar da ka zauna gaban ma'aikacin banki ya tambaye ka nawa za ka iya biya a wata, ka ba shi amsa, sannan ka ce ya buga maka jadawalin biya na wa'adi uku daban-daban, wanda yake nuna ruwa da uwar kuɗi na kowane wata da jimilla a ƙasa. Ka ce ya nuna maka a rubuce ko ruwan yana sauyawa, da abin da za a caje ka in ka biya kafin lokaci. Kada ka sa hannu a ranar. Ka tafi da takardun gida, ka duba layin wata na 36 a kowanne, ka ga nawa zai rage a kanka.